Zan shiga jari a kamfanin sufuri a Garoua, me zan duba?

"Wani aboki na son sayar min da rabin kamfaninsa, tirela biyu ne. Ya kawo min takardu cike da jaka. Ta ina zan fara?"

Dan uwa ka fara da RCCM, rajistar kasuwanci da ke greffe, wato ofishin magatakardan kotu, ka je da kanka ka karbo sabon kwafi kar ka tsaya kan fotokofin da ya miko maka. A nan ake rubuta jingina, idan an ba banki tirelolin a matsayin jingina zaka gani.

Ni ya taba faruwa da ni, carte grise sunan kamfani ne tsaf amma ashe motar tana jingine kan bashin miliyan 18 na sefa, kuma takardar lamunin ta ce in masu kamfani suka canza banki zai iya neman kudinsa gaba daya. Wallahi saura kiris in sa hannu. Irin wannan alamar hadari ce a wurina, ba biyan ko sisi sai bankin ya rubuto sauran bashin kuma ya amince da shigarka.

Sai bashin da ba ya fitowa a lissafi, haraji da kudin CNPS, wato asusun fansho na direbobi. Ka ce ya kawo shaidar biya ta kwanan nan, domin in ka sayi hannun jari bashin na nan a kan kamfanin, naku ne tare.

Shari'a kuwa ka tambayi lauyansu a rubuce, musamman tsohon direban da aka kora ko kayan dan kasuwa da suka bace a hanyar Ndjamena. Lasisin sufuri da inshora ka duba ranar karewa da sunan da ke kai, wani lokaci sunan mai gidan ne ba na kamfanin ba.