Na kai diyapo cikin Word, rabin rubutun ya ɓace

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce ke koya wa sababbin ma'aikata karɓar kaya a magazarmu nan Tahoua, da diyapo 34 na PowerPoint. Shugabana yana son a mayar da su takardar ƙa'idar aiki, mataki bayan mataki. Na tura su Word, sai rabin rubutun ya ɓace, abin da ya saura kuma ba ya koya wa kowa komi. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, barka kadai. Rubutunki yana nan, PowerPoint ne bai ɗauko shi ba. Ina zaton ordinatarki da Faransanci take, kuma kin bi Fichier, Exporter, Créer des documents, kika zaɓi Plan uniquement. Wannan zaɓin kanun diyapo kawai yake kwashewa, da rubutun da ke cikin babban gurbin da PowerPoint ya tanada tun farko. Duk abin da kika ƙara da hannunki ta Zone de texte, da tebur, da hotuna, da bayanin da kika ajiye a ƙarƙashin diyapo, can yake barinsu. Ki shiga Affichage ki danna Mode Plan: abin da kika gani a gefen hagu shi ne zai isa Word, wanda babu shi a nan kuwa ba zai je ba.

Ki sake fitarwa, wannan karo da Notes à côté des diapositives. Za ki sami hoton kowane diyapo da bayaninsa kusa da shi. Fayil ɗin zai yi nauyi, kuma rubutun da ke cikin hoton bai zama rubutun Word ba, don haka na dubawa ne kurum. Ƙa'idar kanta a sabon fayil za ki rubuta ta.

Batun rashin koyarwa kuwa, babu maɓallin da zai magance shi. Diyapo ɗin tunatarwa ne gare ki, sauran bayanin a bakinki yake fitowa lokacin horo. Ita takardar ƙa'ida, wanda zai karanta ta yana tsaye gaban mota da rana tsaka, direba na gaggawa, ke kuma ba kya nan. To ki sa wayarki ɗaukar murya, ki yi horon sau ɗaya kamar yadda kika saba, sannan ki zauna ki saurara. Abin da kika faɗa wanda ba ya kan allo, galibi shi ne ainihin matakan.

A ce diyapo na 12 ya ce: "A duba kaya da kyau kafin a sa hannu." A takarda wannan layin zai zama matakai huɗu, kowanne da mai yinsa da aikinsa. Na farko, mai kula da magaza ya karɓi bon daga hannun direba, ya gwada lambarsa da ta takardar odar kaya. Na biyu, ya ƙirga buhuna ana saukewa, kafin a jibge su. Na uku, ya ɗora buhu ɗaya cikin kowane goma a sikeli. Na huɗu, in an sami rashi, misali bon ya ce 200 aka ƙirga 196, ya rubuta 196 a kan bon, direba ya sa hannu kusa, sannan mai kula da magaza ya kira shugaba kafin mota ta tashi. Ɗaya cikin goma misali na bayar, ki sa adadin da kuke aiki da shi. Mataki na huɗun nan shi ne diyapo ba ya taɓa faɗa, kuma a nan rigima ke tashi. Duk inda kika ga "da kyau" ko "da wuri", ki tambayi kanki: nawa, ƙarfe nawa, wa zai yi?

Tarihin kamfani da hotunan maraba, ki bar su wa ranar horo. Kar ki yi mamaki in diyapo 34 suka koma shafi biyar.

Wajen sa lamba, kar ki buga 1, 2, 3 da hannu. Ki ba kanun sassa Titre 1, matakan kuma ki jera su da Numérotation, don ranar da kika cusa sabon mataki a tsakiya lambobin su gyara kansu. A saman shafi ki sa kwanan wata da sunan wanda ya amince da takardar, in ba haka ba nan da wata shida kwafi biyu za su riƙa yawo a WhatsApp, ba a san na ƙarshe ba. Ki raba PDF, ki riƙe na Word wurinki.

Kafin ki kai wa shugaba, ki miƙa wa wanda bai taɓa zama horonki ba, ki tsaya gefe ki kame bakinki ya karɓi mota ɗaya da ita. Duk inda ya ɗago kai zai tambaye ki, ki yi alama da biro, akwai matakin da kika tsallake a nan. Ki gyara, ki sake gwadawa da wani mutum daban, don na farkon ya riga ya ji amsa.