Zan roƙi ƙungiyar mata jarin busar da tumatir, mi zan ce musu?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son in fara busar da tumatir da zogale ina sa wa a leda mai tsabta ina saidawa. Ƙungiyar matan unguwarmu sun ce in zo ran Alhamis in yi bayani gabansu ko su ba ni jari daga asusu. Ban taɓa magana gaban manya ba kuma ban yi aure ba tukun. Don Allah mi zan ce?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wallahi da na karanta saƙonki sai da gabana ya faɗi, don ni ma na zauna bisa tabarma irin wagga gaban iyayenmu mata, da ledar kauda a hannu. Abin da zan fara gaya miki, ba daɗin baki za su saurara ba, kowace tana lissafin zubinta ne cikin ranta tana tambayar yaushe kuɗɗin za su dawo cikin akwati. In kin san amsar wanga da ranarta da watanta kin gama rabin jawabi.

Kin san yadda asusunmu yake tun da anka fara Mata Masu Dubara nan jihar Maradi a 1991, zubi duk mako, rance na ɗan lokaci, a maido da ɗan abu bisa. Tsarin ya dace da mai ƙosai da mai ƙuli-ƙuli, wadda za ta juya kuɗɗinta cikin mako. Ke kuwa kauda ba haka take ba. Lokacin da tumatir ke zubewa banza, wajen watan biyu zuwa na ukku in na Jiratawa da na gulbi ya cika kasuwa, sannan za ki saya ki shanya. Saidawa da daraja kuwa sai damina ta kama, ɗanye ya ɓace, kowa na neman abin miya. Tsakani akwai wata huɗu ko fiye da kuɗɗin mutane ke kwance cikin buhu a ɗakinki. Nan ne za su kama ki, don haka ke ki fara faɗa da bakinki kafin wata ta tambaya.

Bari in ba ki lissafin da na yi a shekarar, ki cire kuɗɗina ki sa na bana, ki tahi kasuwa da kanki ki tambayo. Tumatir kusan duka ruwa ne, kilo 15 na ɗanye ke ba ki wajen kilo 1 na busasshe. Kwandon da na auna kilo 30 ne, ke nan kilo 2 kawai za ya bari. Kwando 10 a jika 2 kowane, jika 20. Ɗauko da leda da gishiri jika 5. Faifan shanya da kafinta ya yi mini, katako da raga, jika 15. Duka jika 40. Kauda kilo 20 bisa takarda, amma na lissafa 18 don akwai ruɓaɓɓe a ƙasan kwando, akwai wanda za ya yi baƙi ki tsince. A damina kilo ya tashi jika 3, ke nan jika 54.

To duba nan. Asusunmu jika 1 ake ɗorawa bisa kowace jika 10 duk wata. In na ranci jika 40 gaba ɗaya, wata huɗu sun ci jika 16, in maido 56, na saida 54. Na sha rana banza kuma ana bina bashi. Shi ya sa na raba roƙon biyu. Na ce faifan shanya ƙungiya ta saye su su zama nata, kowace mamba mai kuɓewa ko tattasai ta zo ta shanya, ni ke kula da su ina wankewa. Kuɗɗin tumatir da ɗauko da leda da gishiri kaɗai, jika 25, shi ne a wuyana. Ko dai rance, in maido 35, ko kuma a raba riba, jika 29 ne tsakaninmu, rabi nasu rabi nawa. Da yawan tsofaffin sun fi son rabon riba don hankalinsu bai kwanta da ƙarin da ake ɗorawa bisa rance ba, amma ki sani in anka ce rabo sai sun sa miki ido har cikin buhu, wata za ta zo ta ce a auna gabanta. Ki yarda, ki ma ce su zaɓi mutum biyu su zo ranar awo.

Yanzu maganar rashin aure da kinka ambata, nan ne abin ya taɓa ni. Ni ranar tawa na fara bayani lafiya lau, na kai tsakiyar lissafi sai wata Hajiya, ba zan kama suna ba, Allah ya san ta, ta ɗaga hannu ko kallona ba ta yi ba ta ce wa shugaba, "Wai mu za mu ɗauki guminmu mu ba ɗiyar da gobe za a ɗaura mata aure a kai ta Tasawa ko Katsina, mu bi ta can da akwati?" Aka yi dariya. Bai ishe ta ba, ta ɗauki ledar da na kawo da yatsa biyu ta ce kaudar da ake shanyawa bakin hanya awaki na takawa ita ce yau anka sa ma leda ana kiranta sana'a. Wallahi ƙanwata muryata ta ɗauke, takardar hannuna na rawa, innata na zaune nan gefe kanta ƙasa. Matar nan ta san ni tun ina goye, cikin gidanmu take aron turmi, ranar sunan jikanta ni na kwana ina wanke-wanke. Kuma abin da ya fi ci mini rai, da anka tashi ta bi ni har zaure tana cewa don Allah kar in ji haushi ita gaskiya take faɗa. Gaskiyar mi? In gaskiya ce ba za ta iya kirana gida ba sai gaban mata cike da tsakar gida? Har yau in mun gamu wajen biki ina gaishe ta don tarbiyya, amma zuciyata ba ta manta ba, kuma ba na jin za ta manta. Ɗiyarta ma ta zo sayen kauda wurina daga baya, na auna mata kamar kowa, ban rage ko dala ba.

Abin da ya fid da ni ranar, na riga na tahi gidan shugaba da na ma'ajiya kafin zaman na gaishe su na nuna musu komi, kuma innata ta yarda ta tsaya mini da zubinta. Shugaba ce ta ce, to ai uwarta na nan ba a kai ta Tasawa ba. Ke ma ki nemi mamba guda, mama ko gwaggo ko yayarki, wadda za ta ce in kin gaza a cire daga rabonta, kuma ki faɗi haka tun farkon jawabi. Ki tambayi ma'ajiya a asirce yaushe ake fasa asusu. Wasu kafin azumi ko salla suke rabo, wasu gab da shuka don sayen iri. In ranar rabo ta riga ranar saida kaudarki, ko kin iya magana kamar mai gidan rediyo ba za su ba ki ba, sai ki rage abin da kike nema ko ki jira sabon zubi.

Maganar tsabta kuma kar ki yi gardama da baki. Ki tahi da kwano biyu da ruwan ɗumi, ki jiƙa ta kasuwa a ɗaya taki a ɗaya tun kina gaisuwa, kafin ki gama bayani yashi ya kwanta ƙasan na farko, ki miƙa su zagaya. Amma fa sai taki ta kasance mai kyau da gaske. Ki zaɓi tumatir mai tsoka wanda ya nuna bai yi laushi ba, ki wanke, ki yanka da kauri ɗaya, ki jera wajen yankan na kallon sama ba tare da wani ya hau wani ba. Faifan ya zama bisa ƙafa nesa da ƙasa don iska ta bi ta ƙarƙashi, raga ta roba ba ta ƙarfe ba don tsamin tumatir na cin ƙarfe, ki ruhe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Da yamma ki shigar ɗaki. A ranar bazara kwana ukku zuwa huɗu ya isa. In kin matsa ba ruwa ba danƙo, ki bari ya huce ki sa kaɗan cikin kwalba ki ruhe ya kwana, in kin ga gumi jikin kwalbar da sahe bai bushe ba, ki maida rana. Wanda anka ɗaure da sauran laima shi ne ke yin hunhuna da hadarin farko ya taso, kuma leda guda na iya jan buhu duka, don haka ki riƙa buɗewa kina dubawa, ki ɗora buhun bisa katako ba ƙasa ba.

Zogale ki bar shi cikin jawabin ko da kaɗan ne, shi ne za ya riƙe miki zubin mako tun da ba ya jiran damina. Inuwa yake so ba rana ba, ɗaki mai iska, in ya sha rana korensa ya dushe ba mai saye da daraja. Shi ma ki kai ɗan samfur.

Jawabin kansa kar ya yi tsawo. Ni ga kusan abin da na ce bayan gaisuwa: "Iyayena, ni ɗiyarku ce, kun san gidanmu. Ina neman jika 25 in sayi tumatir yanzu da yake araha, in maido muku cikin watan bakwai, inna ta tsaya mini. Faifan shanya naku ne ba nawa ba. Ga wadda na busar, ga ta kasuwa, ku duba da idonku." Daga nan sai lissafin, a hankali, da jika da dala ba da harshen lakkol ba. Kar ki ce za ki kai kaya ƙasar waje ko ki ɗauki mata hamsin aiki, suna jin haka sun san ba ki taɓa kwana da kwandon da ya fara ruɓa ba. Ki faɗi wa za ya saya, masu tuwon saidawa nawa kinka yi magana da su, mai shago wane ya ce ki kawo. In wata ta tambayi abin da ba ki da amsarsa ki ce za ki kawo ran zubi na gaba, kuma ki kawo.

Ki durƙusa ki gaida kowa tun daga babba, kar ki tsaya bisa kansu da takarda. Kuma ki turo mana nan nawa ake ɗorawa a asusunku da watan da kuke rabo da kuɗɗin kwando na makon nan, in taya ki buga lissafin kafin Alhamis.