Dala ta tashi, me ya shafi batirin sola?

"Don Allah, ni da naira na sayi batirin sola, to me ya haɗa ni da tashin dala?"

Malam, kai ne ka biya naira, amma mai shigo da kayan, dala ya biya a Sin. A ce batirin dala 100 ne. A farkon 2023, kafin Babban Banki ya bar kasuwa ta yanke darajar naira, dala tana wajen ₦460 a hukumance, wato ₦46,000. Da ta kai ₦1,500, batirin ya koma ₦150,000, alhali masana'anta ba ta ƙara ko sisi ba. Kuɗin jirgi ma da dala ne, kwastan kuma da sabon canji suke lissafin haraji. Tsohon kaya ma ɗan kasuwa sai ya ƙara masa kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba: in ya sayar a tsohon farashi, kuɗin ba zai saro masa wani ba.