Albasar da ta ci akuyoyina

"Gwaggo, na kwashi adashi, ina so in zuba duka a albasa in ajiye har ta yi tsada. Amma Inna ta ce sai na fara sayen akuya, wai haka ake yi. Dole ne? Ai taura biyu ba ta taunuwa."

'Yata, na yi dariya da na ji saƙonki, daga baya kuma gabana ya faɗi, don da bakina na taɓa faɗa wa kakarki irin wannan magana.

Lokacin ina goyon yayanki, ina kasa kayan miya a kasuwa. Na ga masu ajiye albasa suna saye da rani tana arha, su fito da ita bayan damina ta ninka kuɗi. Sai na sayar da akuyoyina huɗu da 'yan kunnen gwal na aurena, na haɗa da kuɗin adashi, na sari buhu 40. Kakarki ta ce, "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, ki bar ko akuya ɗaya." Na ce akuya sai cin dusa.

Albasar gwanin kyau, manya-manya, jawur. Ashe an ɗura mata takin zamani, an yi ta ba ta ruwa har dab da cira, wuyanta bai bushe ba. Irin wannan ba ta ajiyuwa. Ni kuma na jibge ta a ɗakin kwano, babu iska. Ruwan farko na sauka, ɗakin ya fara wari. Na ɗauki ɗaya na danna wuyan, yatsana ya nutse, baƙin ruwa ya biyo hannuna, ƙudaje sun yi dandazo a bakin ƙofa. Kwana uku muna tsinta, da ƙyar muka fitar da buhu 17, su ma na karyar da su don kada su bi sauran. A watan yayanki ya kwanta zazzaɓi, na waiga babu abin da zan kai kasuwa. Tunkiyar kakarki aka sayar, ba ta ce mini uffan ba.

Daga baya ta zaunar da ni ta ce, abin da ruwa ke kashewa kada a haɗa shi da ɗan'uwansa. In kin raba kuɗi tsakanin albasa da tumatir, ba ki raba komai ba, damshi ɗaya zai cinye su. Akuya kuwa damina ce lokacin ƙibarta, tana haihuwa, ga kasuwarta da Sallah. Gwal ba ya ruɓa, ranar da buƙata ta taso kina kaiwa a auna a ba ki kuɗi.

Ku 'yan yanzu kuna ganin kiwo ƙauyanci ne, sai abin da aka ce yana ninkawa a waya. Yana damuna ƙwarai.

Kafin ki biya ko sisi, ki aiko mini da guda biyar daga tsakiyar buhu, ban da na sama, in taɓa wuyansu. Kuma ina za ki shanya ta?