Zan iya faɗa wa abokan aikina cewa jinsina nake so?

Tambaya: Shekara shida ke nan ina aiki a kamfani ɗaya. Abokan aikina masu riƙo da al'ada ne sosai, kullum maganarsu yaushe zan yi aure. Na gaji da kame-kame. Idan na faɗi gaskiya, za a iya korata?

Amsa: Malam, ba ka faɗi ƙasar da kake aiki ba, kuma komai a kan wannan ya rataya.

A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta hana kora ko tsangwamar ma'aikaci saboda yana sha'awar jinsinsa. A Amurka ma Kotun Ƙoli ta yanke a 2020 cewa kora saboda wannan ta saɓa wa doka, ga kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye, kuma galibi kwana 180 gare ka ka kai ƙorafi, a wasu jihohi 300. Sai dai doka ba ta tilasta wa kowa canza aƙidarsa. Abin da ta hana shi ne zagi, habaici na yau da gobe, danne ƙarin girma da kora.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen hujja. Ba shugaban da zai rubuta ainihin dalilinsa, sai ya ce aikinka ya yi rauni. Saboda haka kafin ka buɗe baki, ka ajiye kwafin kwantiraginka da takardun yabon aikinka a gida. Ka sanar da ofishin kula da ma'aikata a rubuce, da kwanan wata. Idan shekara shida ana yaba maka, sannan mako uku bayan sanarwar takardar gargaɗi ta farko ta iso, wannan jerin kwanakin ne lauyanka zai ɗora a gaban alƙali.

A ƙasar da ta haramta lamarin kuwa, rubutun nan shi zai ɗaure ka. A Najeriya, sashe na 42 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana wariya, bai ambaci wannan ba. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 kan nuna irin wannan soyayya a fili, kuma a jihohi 12 masu bin shari'ar Musulunci hukuncin na iya kaiwa kisa. Aikatawa ake hukuntawa, ba abin da ke zuciya ba, amma saƙo ɗaya da ka tura wa aminin ofis, in ya ɗauki hotonsa, ya isa a kira ka ofishin 'yan sanda ko a fara tatsar kuɗinka. A irin wannan wuri shawarata kada ka faɗa a wurin aiki, ko da baki.

Ba dokar da ta wajabta maka amsa tambayar aure. "Lokaci ne bai yi ba" ta wadatar. Idan wani ya riga ya sani yana yi maka barazana, kada ka biya shi, kada ka goge saƙonninsa, ka ga lauyan kare haƙƙin ɗan Adam kafin ka je wurin 'yan sanda.