Haɗe gidajen tebur a Word ba tare da ɓata jeri ba

"Na haɗe wasu gidaje a teburin sunayen ɗalibai a Word, yanzu Sort ya ƙi aiki, ƙara shafi ma sai ya karkace. Ina mafita?"

Malam, matsalar daga haɗewar tsaye take. Idan ka haɗe gidaje uku na shafin aji don "JSS 1" ya fito sau ɗaya, layukan nan uku sun daina zaman kansu, shi kuwa Sort layi-layi yake ɗagawa. Shi ya sa Word ke ƙi, ya ce akwai haɗaɗɗun gidaje.

Danna cikin gidan, ka shiga Layout na tebur, ka zaɓi Split Cells, ka sa shafi 1, layi 3. Rubuta ajin a kowane layi, sannan ka yi Sort. In maimaicin ne ba ka so, bayan ka gama jerawa ka cire zanen iyakar da ke tsakaninsu ta Borders, ka mai da rubutun na biyu da na uku fari. A ido kamar an haɗe, amma in ka sake jerawa sai ka sake gyaran.

Karkacewar kuwa yawanci kanun da aka haɗe a kwance ne ke jawo ta, domin layin sama gida ɗaya gare shi, na ƙasa huɗu. Ni dai fitar da kanun nake yi, ya zauna a saman tebur. In dole sai a ciki, fara ƙara shafin da Insert Right, haɗewa ta zo ƙarshe.