Na ɗora kashi 20 a kan atamfa, amma ban ga ribar ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon atamfa a Gusau, ina saro kaya a Kantin Kwari. Ina ɗauko turmi a naira 10,000, in ɗora kashi 20 cikin ɗari in sayar 12,000, kuma a wata nakan sayar da kamar turmi 100. A lissafina ribata 200,000 ce duk wata, amma jarina yana nan inda yake. Hayar shago 360,000 ce a shekara, yaron shago 30,000 a wata. Da Sallah na yi rangwamen kashi 15, na ce ai ko ba komai kashi 5 zai rage mini, sai ga shi da na koma sari kuɗin bai kai ba. Ina kuskuren yake, kuma yaya zan yanka farashi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari mu fara da rangwamen Sallah, don a nan ne ɓarakar ta fito fili. Kashi 20 da ka ɗora, a kan kuɗin sari ka lissafa shi, wato a kan 10,000, ya ba ka 2,000. Kashi 15 da ka rage kuwa, a kan kuɗin sayarwa ka cire shi, wato a kan 12,000, ya kama 1,800. Ka ga ma'auni biyu ne daban. Turmin ya fita a 10,200, abin da ya hau kan kuɗin sari 200 ne kacal, alhali kai 500 kake tsammani. Da ma ka ce kashi 20 za ka rage don ka mayar da uwar kuɗi kawai, da 2,400 za ta fita, ka sayar a 9,600, ka cika 400 daga aljihunka a kowane turmi.

Abu biyu ne muke kiransu riba a kasuwa, kuma gara mu raba musu suna. Na farko shi ne ɗori: abin da ka ɗora, in an auna shi da kuɗin da ka sayo kaya. Na biyu shi ne kason riba: wannan kuɗin dai, in an auna shi da abin da mai saye ya miƙo maka. Naira 2,000 a kan 10,000 ɗorin kashi 20 ne. Amma 2,000 a cikin 12,000 kashi 16.7 ce. Kuɗin bai canza ba, abin da aka raba shi da shi ne ya canza. Kuma kason riba kullum yana ƙasa da ɗori. Akwai hanya mai sauƙi ta riƙe wannan a ka: in ka ɗora ɗaya bisa huɗu, ribarka ɗaya bisa biyar ce ta ciniki. In ka ɗora ɗaya bisa uku, ɗaya bisa huɗu ce. In ka ɗora rabi, sulusi ce. Ko ninka kuɗin ka yi, ka sayo 10,000 ka sayar 20,000, rabin cinikin ne riba. Dalilin da ya sa nake matsa wa 'yan kasuwa su san kason riba shi ne, duk abin da ke cin kuɗinka bayan kaya ya shigo shago, rangwame ne, la'adar dillali ce, ragin da ake nema wajen tayi ne, daga kuɗin sayarwa ake yankarsa.

Sai dai wannan rabin matsalar ce. Ɗaya rabin shi ne turminka bai tsaya maka a 10,000 ba. Wannan kuɗinsa ne a Kwari, a hannun mai shi. Kafin ya hau kanta a Gusau ya ci kuɗi a hanya. Ba ka faɗa mini abin da kake kashewa a tafiya ba, don haka zan ƙiyasta, kai kuma ka cire nawa ka sa na gaskiya. A ce kuɗin motarka zuwa da dawowa da abinci 20,000, lodin kaya 15,000, 'yan dako a Kano da Gusau 5,000. Ya zama 40,000, in aka raba wa turmi 100 kowanne ya ɗauki 400. Sannan a cikin ɗari da wuya a rasa biyu da za su zo da tabo, ko zanen ya ƙi karɓuwa su yi kwantai har ka sallama su a rabin kuɗin sari. Asarar 10,000 ke nan, wato 100 a kan kowane turmi. To yanzu turmi ya tsaya a 10,500. Wannan lambar ka rubuta ta a inda kai da yaronka za ku riƙa ganinta, don duk turmin da ya fita ƙasa da ita, da ka bar shi a kan kanta ya fi maka. Na Sallah da suka fita a 10,200, kowanne ya tafi da 300 daga cikin jari.

Sai kuɗin riƙe shago, wanda za ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Hayarka in aka raba ta wata 12 ta kama 30,000 a wata. Haya ita ta fi yaudarar mutane, saboda sau ɗaya ake biyanta a shekara, sai mutum ya yi wata goma sha ɗaya yana cin kuɗin mai shago yana kiransa riba. Yaro 30,000. Bari in ƙara wuta da man janareta 15,000, maigadi da shara da harajin kasuwa 5,000, katin waya da leda da cajin banki 10,000. Jimla 90,000 a wata. Ka raba ta da yawan turmin da kake sayarwa, kada ka raba da wanda ke jibge a shago, don wanda aka sayar ne kaɗai ke biyan haya. Turmi 100 ya ba da 900 kowanne. Cikakken kuɗin turmi ya zama 11,400.

Yanzu duba 12,000 ɗinka. Abin da ya rage 600 ne a turmi, 60,000 a wata, kashi 5 cikin ɗari na ciniki. Kuma ban sa ladan zamanka a shago ba. In daga aljihun teburin nan ake ɗaukar kuɗin cefane kullum, naira 2,000 a rana ta cinye 60,000 ɗin tas a wata. Jarin da ka ce ya tsaya cik, ga inda ya tsaya. Ina ba ka shawara ka yanka wa kanka albashi kamar yadda ka yanka wa yaro, ka zuba shi cikin kuɗin riƙe shago, ka daina ɗiba a tebur. Ban sa shi a lissafin nan ba don kai ka san nawa gidanka ke ci.

Yanka farashi kuma, in ka san cikakken kuɗin turmi da kason ribar da kake so, rabawa ake yi. A ce kana son kashi 10 cikin ɗari na duk cinikinka ya zama riba tsantsa. Ma'ana kashi 90 na farashin shi ne zai biya 11,400. Sai ka danna a kalkuletar wayarka:

```
11400 ÷ 0.90 = 12666.67
```

Ka cike shi 12,700. Riba 1,300 a turmi, kashi 10 da ɗan ɗoriya. Da ninkawa ka yi kamar yadda ka saba, 11,400 sau 1.10, da 12,540 ka samu, ribar 1,140 kuma kashi 9 ce kawai ta wannan farashin. A nan tazarar ba ta da yawa, amma tana buɗewa in kason ya girma. Mai son kashi 20 zai raba da 0.80 ya samu 14,250, mai ninkawa da 1.20 kuwa zai tsaya a 13,680, ya bar 570 a kowane turmi bai sani ba. In akwai dillali mai karɓar kashi 2 a kan ciniki, haɗa shi za ka yi da kason ribarka, 10 da 2 ya zama 12, ka raba da 0.88.

Wannan 12,700 kuɗin sallamawa ne, ba shi za ka fara faɗa ba. Ka fi ni sanin masu sayen atamfa, ba wadda za ta biya ba ta taya ba. In an saba rage maka 500 zuwa 800, ka buɗe baki a 13,500 yadda in an sauko za a tsaya inda kake so. Yaron shago ma ya san inda zai ce albarka.

Na san abin da za ka ce: maƙwabcinka yana sallamawa a 12,000, in ka kai 12,700 kowa zai wuce ka. Wannan magana ce mai ƙarfi, kalkuleta ba ta tilasta wa kasuwa. Amma lissafin zai nuna maka abin da 12,000 take nufi. A wannan farashin kowane turmi yana barin 1,500 bayan an cire 10,500, don haka sai ka sayar da turmi 60 kafin ka biya 90,000 ta shago, daga na 61 riba ke farawa. A 12,700 kuwa turmi yana barin 2,200, turmi 41 sun biya shago. Watan da kasuwa ta yi sanyi, irin tsakiyar damina kafin amfanin gona ya shigo hannun mutane, in cinikinka ya sauka zuwa 60 a farashin 12,000, ka yi wa mai haya da yaro aiki ne kawai. Maƙwabcin naka wataƙila turmi 200 yake fitarwa, kuɗin shagonsa ya rabu ya koma 450 a turmi, ko shagon nasa ne ba ya biyan haya, ko kuma shi ma irin lissafinka yake yi bai farga ba tukuna. In dole ka zauna a 12,000 a kan atamfar da kowa ya san kuɗinta, to ka nemi cikon a kayan da ba a iya gwada farashinsu shago-shago, kamar sabon zane ko leshi, ko ka haɗa lodi da wani don rage 400 ɗin hanya.

Wani abu kuma da ya shafi komawarka sari kuɗi bai kai ba. Tun 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki darajar naira, 'yan kasuwa sun sha ganin kaya ya tashi tsakanin sari da sari. In turmin da ka ɗauko 10,000 ya koma 11,000 a Kwari, ragowar da ke shagonka ma da 11,000 za ka lissafa shi, don da wannan kuɗin za ka mayar da shi kan kanta. Ka riƙa buga wa wanda kake sari a wurinsa waya kafin ka sallama tsohon kaya.

Game da Sallah mai zuwa, kason ribarka shi ne iyakar rangwamen da za ka iya yi ba tare da ka taɓa kuɗin shago ba. A farashin 12,700, kashi 10 zai cire 1,270 ya bar ka a 11,430, wato kusan ka fita ba riba ba faɗuwa. In kana son jawo mutane kuma ka tsira da wani abu, ka faɗi ragin da naira, ka ce an rage 500 a kowane turmi. Za ka sallama a 12,200, 800 ta rage maka, kuma yawan cinikin Sallah zai ƙara sauke kason kuɗin shago da ke kan kowane turmi.